Idan Muryoyi Sun Cakuɗe a Taron Gari

A taron gari irin na Yargoje, a ƙaramar hukumar Ƙanƙara, waya ɗaya ke ɗaukar muryar kowa, ga hayaniyar babura. Kafin ka rubuta taƙaitaccen bayani, saurari sautin gaba ɗaya, kana rubuta mintin da muryoyi suka haɗu.

Sai ka koma wurin, ka rage saurin sautin, ka bi murya ɗaya tak, sannan ka sake saurare don ta biyu.

Babban haɗari yana ga wanda aka katse. Dattijo ya ce, “Mun yarda, amma…” sai wani ya tari numfashinsa. Kada ka rubuta cewa ya yarda. Nemi inda ya ƙarasa zancen, ko ka je ka tambaye shi. Abin da bai fito ba, rubuta “ba a ji ba”.