Takardar Sayar da Gida: Me Za a Faɗa wa Ƴan Haya?

Babu daɗi ɗan haya ya fara jin labarin sayar da gida daga bakin dillali, ko ya ga an rubuta a jikin katanga. Gara mai gida ya rubuto da kansa, ya faɗi niyyarsa, ya tabbatar cewa wanda ya biya kuɗin shekara zai zauna har wa'adinsa ya cika.

Inda rigima take shi ne wajen duba gida. A tsayar da lokaci, misali Asabar bayan La'asar, a kuma sanar kwana 2 kafin zuwa. A gidan da ake kulle kuwa, kada dillali ya shigo da maza sai mijin yana nan. Ɗaukar hoton ɗakin kwana ma sai da izini.