Takardar Haraji Ta Iso: Daga Ina Suka Samo Wannan Adadin?

In aka miƙa wa ɗan kasuwa takardar kimanta haraji, idonsa can ƙasa yake fara sauka, inda aka rubuta kuɗin da zai biya. Daga nan sai salati, sai ya naɗe ta ya cusa ƙarƙashin kanta. Alhali adadin nan na ƙasa ba shi ne abin dubawa na farko ba. Lissafi ne ya haife shi, kuma mai na'urar lissafi a wayarsa zai iya bin sawunsa ya gano inda aka faro.

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari a Kano. Shagon nasa ne shi kaɗai, bai yi rajistar kamfani ba, don haka harajinsa yana hannun hukumar tara haraji ta jihar da yake zaune. An aiko masa da takarda cewa ana bin sa naira 870,000.

Kafin ya taɓa lissafi, sai ya duba kan takardar. Sunansa ne da lambarsa ta haraji, ko an haɗa shi da wani mai irin sunansa? Sai shekarar da aka kimanta, wadda yanzu take da nauyi ƙwarai. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Takardar da ta shafi shekarun baya da tsohon jadawali ake lissafa ta, wanda yake farawa daga kashi 7 cikin ɗari ya tsaya a kashi 24. Sannan ya rubuta ranar da takardar ta shigo hannunsa, domin daga ranar ce wa'adin ƙorafi yake fara gudu.

Takardar mutuminmu da sabon jadawali aka yi ta. Jadawalin kamar matattakala yake, kowane mataki da kuɗinsa. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 na gaba kuma kashi 18. Akwai matakai sama da haka har zuwa kashi 25, amma ba su shafi wannan ɗan kasuwa ba. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, hawa mataki na sama ba ya sa a caje ka da kason nan a kan dukan kuɗinka. Abin da ya haura ne kaɗai yake ɗaukar sabon kaso.

To, mu bi naira 870,000 ta baya. Mataki na farko bai kawo ko kwabo ba. Na biyu in ya cika, kashi 15 na miliyan 2.2 ya ba da 330,000. In aka cire wannan daga 870,000, saura 540,000, kuma dole daga matakin kashi 18 suka fito. Wane kuɗi ne kashi 18 ɗinsa ya kai 540,000? Miliyan 3. Sai a tara: 800,000 da miliyan 2.2 da miliyan 3, ya kama miliyan 6 cif. Ashe hukuma ta ɗauka ribar mutumin nan a shekara miliyan 6 ce, kuma ba ta yi masa rangwamen komai ba.

Nan gizo ke saƙar. Lissafin bai da kuskure, tushen ne abin tambaya. Adadi shafaffe irin wannan, babu ɗari babu hamsin, yawanci alama ce ta ƙiyasi. Doka ta ce kowa ya miƙa bayanin kuɗin shigarsa kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara. Wanda bai miƙa ba, ko ya miƙa wanda hukuma ba ta gamsu da shi ba, doka ta ba ta damar ta yanka masa adadi gwargwadon abin da ta hango: girman shago, inda yake, irin hajar da ke ciki. Jami'in da ya leƙo ya ga atamfofi jibge har rufi bai san rabinsu bashi ne na dila ba.

Yanzu sai ɗan kasuwar ya ɗauko littafinsa. A ce cinikin shekara ya kai miliyan 30, amma kayan da ya sayar ɗin miliyan 25 ya saro su. Hayar shago, albashin yaran shago biyu, kuɗin mota da na 'yan dako sun cinye miliyan 1.4. Riba ta tsaya a miliyan 3.6. Haraji a kan riba yake hawa, ba a kan ciniki ba. Sai dai cefanen gida, kuɗin makarantar yara da hidimar biki ba sa shiga kuɗin da aka kashe wa kasuwanci, ko da daga aljihun shago suka fita.

Bayan riba sai rangwame. Sabuwar doka ta soke rangwamen bai-ɗaya da tsohuwar take bai wa kowa, ta kawo na hayar gida: kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, amma kada ya wuce naira 500,000. Mutuminmu yana biyan hayar gida 500,000, ke nan an sauke masa 100,000, saura miliyan 3.5. A hau matattakala da su: 800,000 kyauta, miliyan 2.2 su ba da 330,000, ragowar 500,000 a kashi 18 su ba da 90,000. Jimla 420,000. In kuma wani kamfani da ya sayi yadi a wurinsa ya riƙe masa 40,000 a matsayin haraji lokacin biya, kuma yana da shaidar hakan, sai a cire, ya rage 380,000. Tsakanin wannan da abin da aka rubuto masa akwai naira 490,000.

Amma gaskiyar da ke cikin littafi ba ta kai kanta ofis. Doka ta ba da kwana 30 daga ranar da aka karɓi takarda a shigar da ƙorafi a rubuce, a faɗi adadin da ba a yarda da shi ba, da dalili, da wanda aka amince da shi. Sai a haɗa da kwafin rasitan sari, bayanan banki, takardun haya da shaidar kuɗin da aka riƙe, a kuma tabbata an buga hatimin karɓa a kwafin da za a koma da shi gida. Zuwa ofis a ce "ranka ya daɗe, a duba mana" ba ya tsayar da wa'adi. In hukuma ta ƙi gyarawa, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji. In kuwa aka bari kwana 30 suka shige shiru, ƙiyasin ya zama tabbatacce, tara da kuɗin ruwa su biyo bayan jinkirin biya.

Ƙorafin nan gaba ɗayansa a kan takardu ya dogara. Mai littafin ciniki da rasitai yana da abin da zai ajiye a teburin jami'i ya ce ga miliyan 3.6. Wanda lissafinsa a ka yake, in aka ce masa miliyan 6, ba shi da abin nunawa sai rantsuwa, ita kuwa ba ta da gurbi a fayil.