Abin da Magini Zai Fara Dubawa Kafin Ya Ja Igiya

Kwanakin baya na tsaya a wani wurin gini a Kano, inda ake ɗora bene a kan shaguna. Mai ɗaurin rodi ya gama ɗaure bim ɗin da zai ɗauki dakin, kafinta ya kafa katako, leburori suna jiran a ce a kwaɓa kankare. Da injiniya ya iso, bai ko kalli rodin ba. Ya miƙa hannu ya ce, "Maigida, ba ni takardar da kuka yi aiki da ita." Magini ya zaro ta daga aljihu a ninke, duk siminti. Injiniya ya duba kusurwar ƙasa ta hannun dama, ya ce a dakata da zuba kankare, domin tsohon zane ne.

A wannan kusurwa akwai wani ɗan akwati mai layi-layi, wanda yawancinmu muke tsallakewa don saurin ganin ɗakuna da falo. A cikinsa ake rubuta sunan aikin da inda filin yake, da lambar takardar, da wanda ya zana da wanda ya duba, da kwanan wata, da sikeli. A Najeriya zanen ƙarfin gini yana ɗauke da hatimin injiniya mai rajista da COREN, zanen fasalin gida kuwa da hatimin masanin zane mai rajista da ARCON. Kusa da shi akwai jerin gyare-gyare. Duk sanda aka sauya wani abu, ana ƙara harafi, A, B, C, tare da kwanan wata da ɗan bayanin abin da aka taɓa, a jikin zanen kuma a zagaye wurin da layi mai kama da gajimare. Takardar maginin nan A ce. Ta injiniya B ce, an fitar da ita bayan mai gida ya ce a cire bangon tsakiya don shago ya yi faɗi.

Bambancin takardun biyu lamba ɗaya ce tak: 4Y12 ta koma 4Y16. Lambar farko yawan rodi ce, huɗu. Harafin Y yana nufin rodi mai ƙarfi, mai zane a jiki, saɓanin R da ke nufin rodi mai santsi. Lambar ƙarshe kaurin rodin ce a milimita. A ido, tsakanin 12 da 16 ba wata tazara, shi ya sa mai ɗaurin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai huɗu ne duk." Amma ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa ne in an yanke shi. Bakin Y12 murabba'in milimita 113 ne, na Y16 kuwa 201. Huɗu na farko sun ba da 452, huɗu na biyu 804, wato abin da aka ɗaura bai wuce rabin abin da ake bukata da kaɗan ba. Irin wannan bim ba ya faɗuwa ranar da aka cire katako. Yakan fara lanƙwasa a tsakiya, tsaga ta fito daga ƙasansa tana hawa sama, a lokacin kuwa an riga an ɗora bulo a kai.

Zobban da ke riƙe rodin su ma suna da nasu rubutun, kamar Y10@200 c/c. Ma'anarsa rodi mai kauri 10, a jera su da tazarar milimita 200, a auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na gaba. In ka ga T rodin sama ake nufi, B kuma na ƙasa. A dakin da ya miƙo waje kamar baranda, babban rodi a sama yake zama, wanda ya mayar da shi ƙasa don ya saba ganin haka ya yi ganganci da ran mutane.

Sikeli kuma shi ne inda na fi ganin ana yin kuskure da zuciya ɗaya. In aka rubuta 1:50, milimita ɗaya a takarda tana nufin 50 a ƙasa, don haka bango mai tsawon 4500 zai fito da tsawon milimita 90. Wannan lissafi yana aiki ne kawai a girman takardar da aka ambata a akwatin, sau da yawa A1. Sai a je shagon fotokwafi a ƙanƙance ta zuwa A3 don ta shiga jaka, A3 kuwa rabin A1 ce a tsawo da faɗi. Bangon nan ya koma milimita 45 a takarda, amma rubutun 1:50 yana nan daram. Wanda ya ɗora rula ya ninka da 50 zai sami 2250, rabin ɗaki. Dalilin da ya sa ake gargaɗi a jikin zane cewa kada a auna da rula ke nan. Lambar da aka rubuta ita ake bi, in babu ita a kira injiniya. A kuma lura cewa takarda ɗaya na iya ɗaukar sikeli biyu: shimfiɗar gini a 1:100, yankan bim a gefe a 1:20.

Sai maganar sassaucin awo. Babu hannun da ke gini daidai da zare, shi ya sa mai zane yake faɗin iyakar kuskuren da ya yarda da shi. In ya rubuta 4500 ±10, duk abin da ya faɗa tsakanin 4490 da 4510 ya karɓu. Matsalarmu ita ce zane da milimita yake magana, mu kuma a wurin aiki da ƙafa da inci muka tashi. Magini ya ga 4500, ya raba da 300 a ka, ya ce ƙafa goma sha biyar. Alhali ƙafa ɗaya milimita 304.8 ce, goma sha biyar ɗinta 4572. An wuce da milimita 72, ninki bakwai na abin da aka yarda. Haka kuma ƙaramin kuskure yake taruwa in ana auna kowane ginshiƙi daga na bayansa: a ƙara 8 a nan, 8 a can, kowanne cikin iyaka, kafin a kai na shida an zame da 40. Maganinsa a riƙa jan tef daga layi ɗaya na asali, layukan nan masu harafi da lamba a cikin da'ira a gefen zane.

Akwai awon da bai kamata a yi wasa da shi ba ko kaɗan, wato kaurin kankaren da ke rufe rodi. A bim da ginshiƙi zane yakan nemi milimita 25 ko fiye, a harsashi kuma kamar 50, saboda danshin ƙasa. Ƙananan biskit na siminti da ake sawa ƙarƙashin rodi su ke tsare wannan tazara. In aka bar rodi ya kwanta a kan katako, ruwan damina zai same shi, ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren. Jan tabo a ƙasan dakin ita ce alamar farko.

A wurin ginin nan an kwance rodin a ranar, an yi asarar yini ɗaya da kuɗin ɗauri, aka sayo Y16 aka sake. Ina roƙon maginanmu da masu gida, duk ranar da sabuwar takarda ta zo, a tattara tsofaffin daga hannun kafinta da mai ɗaurin rodi, a ja musu layi da jan biro, kafin kowa ya ɗauki tef.