Ina rubutun Malama ya shige?

Wata malamar kwalejin koyon aikin jinya ta shirya darasi a PowerPoint, ta haska shi a bangon aji, har ɗalibin kujerar baya ya karanta ba wahala. Da yamma ta tura wa ɗalibai ta WhatsApp. Kafin isha'i ƙorafi ya fara shigowa: "Malama, ki yi haƙuri, rubutun ba ya karantuwa."

WhatsApp aka fara zargi, kuma yana da nasa laifin. A matsayin hotuna ta tura shafukan, shi kuwa matse hoto yake yi don ya rage nauyi, sai gefen haruffa ya yi dishi-dishi. Ta mayar da darasin PDF, ta tura ta Document, inda ba a matsewa. Dishi-dishin ya tafi, ƙorafin bai tafi ba.

Sai ta kira wata ɗaliba ta ce, "Nuna min yadda kike gani." A nan ta lura da abu biyu. Kanun kowane shafi yana karantuwa sarai, bayanin da ke ƙarƙashinsa ne ya koma kamar ƙwayar gero. Da yarinyar ta kwantar da wayar a gicciye kuwa, sai ya ɗan fito. Ashe matsalar ta awo ce.

Shafin da PowerPoint ke buɗewa da shi faɗinsa kusan santimita 34 ne, tsayinsa 19. Wayar da aka riƙe a tsaye faɗin fuskarta bai wuce santimita 7 ba. Kafin shafin ya shiga sai an ƙanƙance shi kusan sau biyar, da duk abin da ke kansa. Kanun mai lamba 44 ya dawo wajen 9, kusan girman rubutun jarida, shi ya sa ya tsira. Bayanin mai lamba 18 bai kai 4 ba. A gicciye, tsayin 19 ne ke shiga cikin 7, sai 18 ɗin ya kusa 7. Majigi faɗaɗa shafi yake yi, shi ya ɓoye aibin a aji.

Tun da kusan kowa a tsaye yake riƙe waya, sai ta tsayar da shafin. Ta shiga Design, Slide Size, Custom Slide Size, ta zaɓi Portrait, faɗin ya koma 19. Ta kai bayani lamba 28, wanda zai sauka wajen 10 a waya. Dole kalmomi suka ragu, shafi ɗaya ya zama uku, wanda a ganina riba ce.

Jadawalin magunguna mai ginshiƙi shida ne ya ƙi shiga ko ta yaya. Sai ta wargaza shi, kowane magani da shafinsa: suna a sama, adadi da lokacin sha a ƙasa. Kafin ta sake turawa, ta fara aika wa kanta, ta buɗe a wayarta a tsaye, ta karanta har ƙarshe ba tare da ta ja fuskar da yatsu biyu ba.