Bidiyo Bakwai a Wuni Ɗaya: Dabarar da Ta Dace da Ɗan Kasuwar Diko

Garin Diko yana cikin Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, kusa da Suleja, inda hanyar Minna ta rabu da babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna. Kasuwarsa ta yi suna wajen doya da hatsi, waɗanda manoman Gwari da maƙwabtansu ke kawowa. A yau mai saye ba lallai ne ya taka ƙafarsa cikin kasuwar ba, domin yana iya ganin kaya a wayarsa, ta WhatsApp ko TikTok, ya yi ciniki daga Abuja.

Sai dai wannan hanya tana da nata wahalar. Bidiyon da aka ɗora a Status na WhatsApp yakan ɓace bayan awa 24, watau ɗan kasuwa yana bukatar sabo kowace safiya, alhali kuwa kasuwa ba kullum take cika ba. Wanda ya yi shiru kwana huɗu, sai mai saye ya koma wurin wani. Maganin abin shi ne a ɗauki na mako guda a ranar kasuwa, a riƙa saki ɗaya-ɗaya.

Alal misali, a ɗauki mai sayar da doya. Tun daren jajibere zai rubuta layi bakwai a takarda, ya kasa su ƙarƙashin jigo uku. Jigo na farko shi ne kaya da farashi, bidiyo biyu. Na biyu shi ne sanin doya, bidiyo uku: yadda ake gane wadda ta fara ruɓa ta hanyar danna ta da yatsa, da bambancin sabuwa mai ruwa da tsohuwa wadda ta fi daɗin sakwara, da yadda ake ajiye ta a inuwa mai iska ba tare da ta taɓa ƙasa mai laima ba. Na uku shi ne amana, bidiyo biyu: ƙirga ƙwarya guda, watau doya 100, a gaban ido, da kuma lodinta a mota. A kowane layi zai rubuta jimlar da zai fara da ita, domin mai kallo ba ya jiran doguwar gaisuwa.

Inda aikin yake shi ne jerin sakin, domin jigogin nan uku ba su tsufa tare. Farashi kamar ɗanyen nama yake, ba ya kwana da yawa. Idan aka faɗi kuɗin ƙwarya a ranar kasuwa, aka saki bidiyon bayan kwana biyar, mai saye zai zo da tsohon farashi a bakinsa, kuma in aka ce masa ya tashi, sai ya ɗauka yaudara ce. Saboda haka bidiyon farashi biyu su ne za su fita a rana ta farko da ta biyu, kuma a ambaci kwanan wata da baki a cikinsu. Na ƙirga da lodi su biyo baya a tsakiyar mako. Na sanin doya kuwa a bar su ƙarshe, tun da ko bayan wata guda maganarsu tana nan daram.

Wajen ɗauka kuma, ba jerin sakin ake bi ba, wuri da haske ake bi. Da sassafe, kafin rana ta yi tsaka ta jefa inuwa a fuska, sai a gama duk abin da ke bukatar tsayuwa a gaban tarin doya. Bayanai uku na sanin doya a yi su a zama ɗaya a bayan rumfa, nesa da injin niƙa da masu amsa-kuwwa, a riƙe wayar a tsaye. Lodi shi kaɗai ne ba a iya sa masa lokaci, sai mota ta zo. Kowane bidiyo kada ya wuce sakan 30 zuwa 45, kuma a ɗauke shi sau biyu, a saurari sautin nan take. Wanda ya bari sai ya koma gida kafin ya ji iska ta cinye muryarsa, to, sai wani makon.

Akwai kuma tarkon ajiya. Abin da aka bari a Drafts na TikTok a cikin wayar yake zaune, kuma idan aka goge manhajar ko wayar ta ɓata, ya tafi ke nan. Gara a adana bidiyon bakwai a ma'ajiyar hotuna ta wayar, a tura kwafinsu zuwa wata wayar, kowanne da sunan ranarsa.

Ranar kasuwa mai zuwa, kafin a rubuta sabuwar takarda, sai a duba wane jigo ne ya jawo kiran waya, ba wanda ya tara 'yan kallo kawai ba. Idan bidiyon ƙirga ƙwarya ne ya kawo masu tambaya, sai a mayar da shi uku, a rage na bayani zuwa biyu.