Daga Kwana 30 Zuwa 14: Gyaran Takardar Rage Wa'adin Biyan Bashi

Da yawa daga cikin kayan da ke fita daga masana'antun Sharaɗa da Bompai zuwa shagunan Singa da Sabon Gari a Kano ba kuɗi hannu ake ɗaukarsu ba. Dila ya ɗauki kaya, a rubuta masa inbois, a ba shi wata guda ya sayar ya kawo kuɗi. Tun daga 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu, aka kuma saki Naira a watan Yuni, wannan wata guda ya fara yi wa masu ba da kaya nauyi. Hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, Babban Bankin Najeriya kuma ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a watan Nuwamba na shekarar. Kuɗin da aka sayar da kaya yau, in ya dawo bayan kwana 30, ba lallai ya sake sayo abin da ya saya jiya ba. Shi ya sa mai kaya kan yanke shawarar rage wa'adi zuwa kwana 14. Yanke shawarar ba wuya gare shi. Wuyar tana wajen rubuta takardar da za ta isar da shi ga mutanen da aka shekara goma ana ciniki da su, ba tare da sun ji an wulaƙanta su ba.

Mu ɗauki misalin wata ƙaramar masana'antar sabulu da ke ba diloli kayan Naira miliyan 6 a kowane wata. In wa'adi kwana 30 ne, a kowace rana akwai kimanin miliyan 6 nata a hannun mutane. In ya koma kwana 14, abin da ke waje zai sauko zuwa miliyan 2.8. Bambancin miliyan 3.2 ne. Su kuwa masu sayar mata da man alayyadi da soda da kwali, sai ta biya kafin a loda mota. Idan da rancen banki take cike wannan giɓi, a ce a kan kashi 30 a shekara, miliyan 3.2 na cin Naira dubu 80 kowane wata. Wannan shi ne ainihin dalili, kuma ya kamata mai rubutu ya san shi da alƙalumansa kafin ya ɗora biro, ko da ba zai zuba su duka a takarda ba.

Ga irin abin da manaja kan fara rubutawa: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna masu baƙin cikin sanar da ku cewa, saboda halin da ƙasa ke ciki da kuma yadda wasu ba sa cika alkawari, ya zama dole mu yi wa tsarin biyan kuɗinmu garambawul nan ba da daɗewa ba. Muna fatan za ku yi haƙuri ku ba mu haɗin kai."

Takardar tana da ladabi, amma karanta ta kamar kai ne dilan. Nawa aka rage? Daga yaushe? Kayan da na ɗauka shekaranjiya fa? Babu amsar ko ɗaya. Abin da ya fito fili kawai shi ne zargi. "Wasu ba sa cika alkawari" jimla ce da kowa zai ɗauka da shi ake, kuma wanda ya fi jin zafinta shi ne wanda bai taɓa saɓa rana ba. Mai jinkirin kuwa ko a jikinsa. Saboda haka ita ce ta farko da za a soke. Wanda ke da tsohon bashi a same shi shi kaɗai a yi magana, kada a haɗa shi da jama'a a takarda ɗaya.

"Halin da ƙasa ke ciki" ma ba ya aiki, domin dilan ma a cikin ƙasar yake, shi ma kuɗin mota da hayar shago sun tashi masa. Ka ce masa ƙasa ta yi tsanani, sai ya ce to ai shi ya sa yake buƙatar kwana 30 ɗin. Dalilin da ke shiga kunne shi ne wanda ya shafi wannan cinikin kai tsaye, wanda ɗan kasuwa zai iya aunawa da nasa lissafi: masu ba mu kayan haɗi sun daina ba mu bashi, muna biya kafin a loda, kuɗinmu kuma sai bayan wata yake dawowa. Jimla biyu sun isa. In an ƙara ta uku, ta zama abin da dilan zai samu, misali cewa da wannan ne za a iya ci gaba da ba da kaya a kan lokaci. Sai dai kada a yi alkawarin cewa farashi ba zai tashi ba in ba a da ikon riƙe shi, domin ranar da ya tashi za a ɗauko takardar a nuna maka. Kada kuma a zurfafa kuka har ya zama kamar masana'antar na shirin durƙushewa. Dilan da ya ji haka zai fara neman wani mai sabulun tun kafin ya gama karatu.

Sai batun ƙidaya, wanda a nan ne yawancin rigima ke tashi. Kwana 14 daga ranar da aka rubuta inbois, ko daga ranar da kaya suka sauka a shago? Ga dilan da ke Singa duk ɗaya ne. Ga wanda ke Maiduguri ko Maraɗi, mota na iya cinye masa kwana biyu ko uku a hanya. Kuma da Asabar da Lahadi ake ƙirgawa, ko ranakun aiki kawai? Ranakun aiki 14 sun kusa mako uku. Dole a zaɓi ɗaya a faɗa, sannan a buga misali da rana takamaimai, don kada kowa ya koma gida da nasa lissafin.

Akwai wani abu da masu rubuta irin wannan sanarwa kan manta, alhali shi ne abin da dila mai lissafi zai fara hangowa. A ce sabon tsari zai fara ranar 1 ga Oktoba, tsofaffin inbois kuma an bar su a kan kwana 30, kamar yadda adalci ya tanada. Dilan da ya ɗauki kaya ranar 20 ga Satumba zai biya ranar 20 ga Oktoba. In ya sake ɗauka ranar 1 ga Oktoba, wannan zai biya ranar 15. Wato sabon bashi ya riga tsoho cika. Duk abin da aka ɗauka daga 15 zuwa 30 ga Satumba zai faɗo ne tsakanin 15 da 30 ga Oktoba, daidai lokacin da kayan rabin farko na Oktoba ke faɗowa. Mako biyu cur dila zai riƙa biyan ninki biyu na abin da ya saba. Wanda ke ɗaukar kayan Naira dubu 300 duk mako zai nemo dubu 600 a kowane ɗaya daga cikin makonnin nan biyu, ba don ya sayar da kaya fiye da da ba. In takarda ta yi shiru a kan wannan, za a ga biya ya tsaya a ƙarshen wata a zaci taurin kai ne, alhali kuɗin ne ba su isa ba.

Maganinsa a sauko a hankali: kwana 21 a watan farko, kwana 14 daga wata na biyu, yadda matsin zai rabu gida biyu. A kuma ba da sanarwa aƙalla wata guda kafin ranar farawa. Ni a ganina bai kamata a sa ranar ta faɗo gab da azumi ko Sallah ba, lokacin da kowane mai shago ya zuba jarinsa a kaya.

Bayan gyara, takardar za ta iya zama haka: "Assalamu alaikum, Alhaji. Muna sanar da ku cewa wa'adin biyan kuɗin kaya zai sauko daga kwana 30 zuwa kwana 14. Kayan da aka ɗauka a watan Oktoba za a biya cikin kwana 21, daga 1 ga Nuwamba kuma cikin kwana 14. Ana ƙirgawa daga ranar da ke kan inbois, har da Asabar da Lahadi: kayan 1 ga Nuwamba za a biya su ranar 15 ga Nuwamba ko kafin nan. Duk kayan da kuka ɗauka kafin 1 ga Oktoba suna nan a kan kwana 30. Dalili shi ne masu sayar mana da mai da soda yanzu sai mun biya kafin su loda, don haka ba za mu iya jiran wata guda ba kamar da. Mun san biyan tsoho da sabo zai haɗu muku a watan Oktoba; wanda hakan zai takura ya tuntuɓi akantanmu kafin ƙarshen Satumba a tsara masa. Mun gode da cinikin da ke tsakaninmu. Allah Ya ƙara buɗi."

Gaisuwa tana nan, amma layi ɗaya, kuma hukuncin ya zo kafin dalili, domin mai shago a tsaye yake karantawa, ga masu saye suna jira. Ban-haƙurin da aka jera a rubutun farko ya fita, saboda yawansa kan sa mai karatu ya zaci maganar ba ta zauna ba, da ɗan matsi za a janye. An bar ƙofa guda, mai suna da wa'adi.

Za a lura babu maganar tara. Ƙarin kuɗi a kan bashi saboda jinkiri abu ne da malaman Musulunci ke ɗauka riba, kuma sa shi a takardar da za ta shiga kasuwar Kano zai mai da zancen wani abu daban. Abin da ya fi dacewa, in ana son a faɗi sakamakon jinkiri, shi ne ba za a loda sabon kaya ba sai an biya wanda ya cika.

Takarda kuma tana da iyakarta. Inda akwai yarjejeniya a rubuce mai sa hannun ɓangare biyu da ta ce kwana 30, sanarwa daga ɓangare ɗaya ba ta soke ta, sai in yarjejeniyar ce ta ba da wannan dama. In ba haka ba, sai an zauna an sake sa hannu. Manyan kantuna da ma'aikatu masu biyan kuɗi sau ɗaya a wata da wuya su sauya tsarinsu don mai kawo kaya guda, gara a tattauna da su daban. Manyan dilolin nan biyar ko shida da ke ɗauke da yawancin ciniki kuwa, mai masana'anta da kansa ya je shago ko ya buga waya kafin takarda ta isa. Ga wanda karatun boko bai dame shi ba, a bi takardar da saƙon murya mai ɗauke da ranakun nan daidai yadda aka rubuta su.

Bayan wata biyu sai a buɗe littafi a duba abu biyu: kwana nawa ke tsakanin inbois da shigowar kuɗi, da kuma katan nawa kowane dila ke ɗauka yanzu. In kwanaki sun sauko, ɗauka bai ragu ba, sanarwa ta yi aiki. In dila ya koma ɗaukar rabin abin da ya saba amma sau biyu, ba matsala, ya daidaita kansa ne. In kuwa ya rage bai ƙara zuwa ba, wataƙila sabulun ba ya ƙarewa a shagonsa cikin mako biyu, ko wani ya ba shi kwana 30. Irin wannan a je a same shi da wuri, kafin sabulun wani ya cika masa kanta.