Zaɓen Gidan Sauro da Maganin Korar Sauro a Ɗakin Kwana

Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, wato macen anofilis, ya fi cizo daga bayan magariba zuwa ketowar alfijir, lokacin da mutane ke kwance. Shi ya sa gidan sauro, wanda ake kira sange a wasu wurare, ya zama babbar garkuwar ɗakin kwana. Ingancinsa ya rataya ne a kan girman hudojinsa, da maganin da ke jikinsa, da yadda aka rataya shi.

Ma'aunin da aka fi sani shi ne hudoji 156 a kowane inci murabba'i. Mai saye zai iya gwada wannan a kasuwa: ya ɗora abin awo a kan ragar, ya ƙirga hudojin da ke cikin inci ɗaya. Idan ya sami 12 a tsaye da 13 a kwance, ya cika 156 ke nan. Ragar da ba ta da magani kuma hudojinta suka fi haka faɗi, sauro na iya kutsawa. Wadda kuma ta matse sosai tana tare iska, sai zafi ya sa a yaye ta cikin dare. Akwai masu kaurin zare kamar na roba da aka saƙa da manyan hudoji da gangan domin shan iska, kuma maganin da ke cikin zarensu ne ke hana sauro ratsawa.

Gidan sauro mai magani ya fi mara magani nesa ba kusa ba, domin yana kashe sauron da ya sauka a kansa, yana kuma rage cizo ko da hannu ya jingina da ragar. Irin da ake rabawa a asibiti ga masu juna biyu an yi shi ne ya kai kimanin shekara uku, ya kuma jure wanki sau 20. Sai dai a Afirka ta Yamma sauro da yawa ya daina jin tsohon maganin, dangin firetiroid. Saboda haka aka fito da masu ƙarin sinadarin PBO, wanda ke karya wannan juriyar. A shekarar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da masu haɗin magani biyu a wuraren da juriyar ta yi ƙarfi. Leda ce ke nuna irin da ke ciki, don haka a guji ragar da ake sayarwa ba leda ba rubutu.

Sabon gidan sauro ana shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana a ciki, domin a kauce wa ƙaiƙayi da zafin fuska. Uwar da ke kwana da yara biyu a katifa a ƙasa tana bukatar babba mai kusurwa huɗu, a ɗaure shi ƙasa-ƙasa yadda gefensa zai yi rara a cusa ƙarƙashin katifar ta kowane ɓangare. Idan an ɗaure shi sama da yawa, juyin yaro ɗaya zai zare gefen. Sauron da aka tarar a ciki da safe cike da jini alama ce ta yaga ko gefen da ya buɗe, sai a nemo wurin a ɗinke. Ana wanke shi a hankali da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ba bilic, a shanya a inuwa, domin rana tana rage ƙarfin maganin.

Magungunan kora suna amfani ne tsakanin magariba da shiga gado. Man shafawa mai DEET na kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari ya wadatar. Ana shafa shi a fatar da ke fili, ban da ido da baki da rauni da tafin hannun yaro, ba a kuma shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba. Na kunnawa yana fitar da hayaƙin da ke tayar da asma, don haka a buɗe taga, a ajiye shi kan ƙarfensa nesa da raga da labule gudun gobara. Na feshi kuwa, a rufe abinci, a fesa ba kowa a ɗakin, a jira lokacin da aka rubuta a gwangwanin, sannan a buɗe ɗakin ya sha iska kafin a shiga.

Fiya-fiya da ake sayarwa a ƙananan kwalabe ba tambari, galibi haɗi ne na maganin ƙwarin gona mai guba, wanda ke shiga jiki ta numfashi da fata. Alamun gubarsa sun haɗa da dalalar miyau, amai, yawan gumi da sarƙewar numfashi, kuma wanda ya nuna su a fitar da shi iska a garzaya da shi asibiti. A Najeriya, maganin ɗaki da ya dace a saya shi ne mai lambar rajistar NAFDAC da bayanin yadda ake amfani da shi.